Sanda Arba'in a Ɗaki Shida

Ni na fara ganin abin. Kafin jikata da ta zana shi da hannunta, kafin ubanta, kafin malaminsu mai jan biro, ni na gani, ni da ban taɓa zama a kan bencin makaranta ba. A rubuta wannan tun daga farko, don na san halin mutane, gobe wani zai buɗe baki ya ce shi ya hango.

Ƙarfe ake ce mini. Ba iyayena suka raɗa mini ba, a rumfar niƙa na samo shi, kuma da gumina. Kamfanin yana can bayan gari inda kwalta ta ƙare. Tifa ke kawo farin dutse, a fasa, a zuba a inji, ya fito gari mai laushi kamar hoda, mu tara buhu a bakin mazurari, mu ɗinke, mu ɗora a mota a kai wa masu yin gilashi da tayil. Idan aka kashe inji da yamma ba ka bambanta baƙi da fari a cikinmu, kowa ya zama fari fat har gashin ido. Akan raba mana takunkumi jefi-jefi, kwana biyu ya toshe, sai mutane su koma ɗaura ƙyalle a hanci. Ni ko ƙyallen ban taɓa ɗaurawa ba. Shekara talatin da biyar na yi a bakin mazurarin nan, na fito da ƙafata, ko atishawar kirki ban yi ba. Abin da nake faɗa tun ina saurayi shi ne ƙura rago take kamawa, kuma na faɗe shi a gaban manya da yara.

Ɗana namiji ɗaya ne, Dogo. Ni na kama hannunsa na kai shi gaban manaja, kuma a mazurarin da na bari ya tsaya. A lokacin da wannan abu ya faru, ƙanin matarsa, mai shagon kayan famfo a bakin kasuwa, yana neman amintaccen mutum da zai riƙe masa sito. Ya ce da Dogo ya zo, zai jira shi zuwa ƙarshen wata, in bai zo ba zai ɗauki wani. Albashin bai kai na kamfani ba, amma iska ce mai kyau da kujera da fanka. Dogo yana ta jan ƙafa, don a kamfani duk wanda ya cika shekara ashirin ana ba shi shugabancin rumfa da hular kwano ruwan ɗorawa, kuma saura masa 'yan watanni. Surukata tana so ya tafi shagon, amma ba mai yawan magana ba ce. Ni kuwa a lokacin ban sa baki ba.

Wata Asabar da hantsi ina zaune a baranda kan kujerata mai igiyar roba, jikata ta fito da littafi da rula tana tsaki. 'Yar Dogo ce ta fari, tana aji biyar a sakandare. Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Tsoho.

Na ce, "Amarya, wa ya taɓa mini ke in je in karya shi?"

Ta ce, "Da wane ƙarfin? Malamin lissafi ne. Aikin gida ya ba mu na ƙididdiga. Wai kowa ya nemo lambobi arba'in na gaske, ba na ƙarya ba, ya jera su a jadawali. 'Yan ajinmu duk sun kwashe masu sauƙin. Wata tsayin yara ta auna, wani lambar takalmi."

"Ki auna ƙarfina. Arba'in ɗin ma ba za su isa ba."

Ba ta yi dariya ba. Maƙwabcinmu tela ya leƙo ta kan katanga muna gaisawa, hira ta kai mu kan rumfa kamar kullum. Nake ba shi labarin abokin aikina Bahago, wanda yake ɗaga buhu biyu a kafaɗa ɗaya, na ce shekara takwas kacal ya yi tari ya kama shi, ni kuwa ga ni. Sai na ji yarinya ta ajiye rula.

"Tsoho, mutum nawa ka sani haka? Waɗanda ka san shekarun da suka yi kafin tarin ya fara musu?"

"Sun fi kitson da ke kanki."

"Sun kai arba'in?"

Na ce ta kawo biro.

Ni ban san kalanda ba, amma kaina ya fi kalanda. Na san Bahago ya shigo shekarar da aka haifi Dogo, tari ya fara masa shekarar da Dogo ya karye a hannu, yana ɗan shekara takwas. Na san Gajere ya shigo da aka kawo sabon inji, ya fara tari da rufin rumfa ya ƙone. Ni in faɗi abin da ya faru, ita ta mayar da shi lamba. Ta kafa mini doka biyu. Ta ce waɗanda suka zauna a rumfar niƙa kawai za mu sa, ban da masu gadi da direbobi da waɗanda suka ɗanɗana wata uku suka gudu. Kuma ba tarin mura ba. Na ce ba sai ta koya mini ba. Wannan busasshe ne, ba ya fitar da komai, ba ya tafiya, kuma mutum in ya hau matakala sai ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana gyara takalmi.

Inda na yi shakka, muka taka da ƙafa. Mun je gidan matar Kurma, wani abokin aikina a rumfa, wadda yanzu take wankau a bayan tashar mota. Ta gan ni ta tsame hannu daga kumfa ta ce, "Ƙarfe, har yanzu kana nan? Kai mutuwa ma tsoronka take ji ko ƙyamarka?"

Na ce, "Ta zo sau biyu, na aike ta sayo mini goro."

Da yarinya ta yi mata tambayar, sai ta daina dariya. Ta ce, "Sha shida. Ina goyon autata ya fara. Me za ku yi da shi, diyya za a bayar?"

Jikata ta ce, "A'a, Inna, aikin makaranta ne."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta mayar da hannu cikin ruwa.

Kafin sati ya zagayo mun haɗa arba'in cif. Asabar ta gaba ta shimfiɗa babbar takarda a kan teburin guga, ta ja layuka da rula. Ta ce ba za a jera lamba arba'in haka a warwatse ba, sai an raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki tazarar shekaru daidai da ɗan'uwansa. Na ce, wato ɗakuna. Ta ce in kira su abin da na ga dama. Ta duba mafi ƙanƙanta, uku, ta duba mafi girma, ashirin da takwas, ta ce ɗaki shida zai ɗauke su. Ta rubuta tana karanta mini: sifiri zuwa biyar, biyar zuwa goma, goma zuwa sha biyar, har ƙasa.

Ba mu yi nisa ba muka zo kan Mai Rediyo, wanda ya yi shekara goma daidai. Biro ya tsaya a sama.

Na ce, "Me ya faru?"

"Goma tana ɗaki na biyu, kuma tana ɗaki na uku. Ban san inda zan sa shi ba."

"Mai Rediyo da ɗaki biyu? Da ransa ma bai samu ɗaya ba, a haya ya mutu."

Ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta ce kuskurenta ne, bai kamata bakin wani rukuni ya shiga na wani ba. Ta juya takardar ta sake ja: sifiri zuwa huɗu, biyar zuwa tara, goma zuwa sha huɗu, sha biyar zuwa sha tara, ashirin zuwa ashirin da huɗu, ashirin da biyar zuwa ashirin da tara. Na ce ai ta rage wa ɗakin farko faɗi. Ta ɗaga yatsu ta ƙirga mini, sifiri, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar ke nan, daidai da sauran. Kuma ta ce cikakkun shekaru ake ƙirgawa, wanda ya yi tara da wata goma sha ɗaya yana nan a tara. Mai Rediyo ya shiga ɗaki na uku ya zauna.

Daga nan aka fara sanduna. Ta karanta lamba, ta soke ta a jerin don kada ta maimaita, ta ja ɗan tsaye ɗaya a gaban ɗakin da ya dace. In sun kai huɗu, na biyar sai ta kwantar da shi a kansu a karkace, ya zama dami guda, don ƙirga ta yi sauƙi. Na ce ba za ta riƙa kiran lamba kawai ba kamar buhuna, ta kira sunan mutum. Ta ce malam bai ce a sa suna ba. Na ce malam ba ya gidan nan. Haka aka yi. Bahago, takwas, ɗaki na biyu. Kurma, sha shida, ɗaki na huɗu. Sarkin Barci, sha uku, kuma shi ya zo na biyar a ɗaki na uku, aka kwantar da shi a kan mutum huɗu. Na ce ko a takarda bai fasa ba.

Da farko ina ta ba'a. Kowane suna da labarinsa, kuma kowane labari ni ne a ƙarshensa a tsaye. Amma da aka wuce rabi sai na bar ba'ar. Ban iya karanta baƙi ba, amma sanda ai kowa ya iya ganinta. Ɗakin farko sanda biyu. Na biyu dami ɗaya da sanda ɗaya. Na uku dami biyu da ɗaya. Na huɗu ya cika har ya kusa taɓa layi, dami biyu da huɗu a tsaye suna jiran wanda zai kwanta a kansu. Na biyar dami ɗaya tak. Na shida sanda biyu.

Duk wanda ya kalli wannan zai ce, alhamdu lillahi, daga ɗaki na huɗu abin ya sassauta. Ni ban ce haka ba, don ni na san fuskar kowace sanda. Waɗannan bakwai na ƙasa su ne waɗanda muke cin abincin rana tare a shekaruna na ƙarshe. Akwai wani dogon benci a bayan rumfa, da can sai an yi ture-ture kafin a samu wurin zama. A ƙarshe mu tsofaffin hannu muna zama a kai kowa ya miƙe ƙafa, har da wurin ajiye kwano.

Na dafa ƙasan takardar na ce, "Amarya, nan ba sauƙi aka samu ba. Mutane ne suka ƙare."

Ta ce, "Tsoho, ɗauke hannunka, za ka ɓata mini. Bari in gama."

A shaida, ta ce bari ta gama. Wato ba ta gani ba tukuna.

Ta ƙirga sandunan ta rubuta adadin kowane ɗaki a gefensa: biyu, shida, sha ɗaya, sha huɗu, biyar, biyu. Sannan ta zo layin ƙarshe, wanda ta kira jimla mai hawa. Ta ce a nan kowane ɗaki yana ɗaukar nasa ya haɗa da duk na samansa. Biyu. Biyu da shida, takwas. Takwas da sha ɗaya, sha tara. Sha tara da sha huɗu, talatin da uku. Da biyar, talatin da takwas. Da biyu, arba'in. Ta ce dole lambar ƙarshe ta zo daidai da yawan mutanen da aka fara da su, in ba haka ba an tsallake wani ko an sa wani sau biyu.

Ta tafa hannu ta ce, "Arba'in! Ya fita daidai!"

Na ce, "To ni ina nawa ɗakin?"

"Kai ba ka da ɗaki. Tari bai kama ka ba."

Wannan ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Arba'in a ciki, ni kaɗai a waje. Amma ita tana nan tsaye, ta sa bakin biro a kan talatin da uku ɗin nan, ba ta ɗaga ba. Murnar ta sauka daga fuskarta a hankali.

Ta ce, "Tsoho, Baba shekararsa nawa a rumfa?"

"Sha tara da wata takwas."

Ta naɗe takardar ta shiga ɗaki wurin uwarta.

Washegari Lahadi, Dogo yana gida. Bayan an ci abincin rana, yana kishingiɗe a tabarma yana sakace, surukata ta ce, "Baban yara, 'yarka tana so ta nuna maka aikinta na makaranta." Na san shiri ne, don ta bar kwanuka ba ta kwashe ba, ta zauna a bakin ƙofa.

Dogo ya yi firamare har da ɗan abin da ya fi haka, yana karatu. Ya karɓi takardar yana murmushi, yarinya ta yi masa bayanin ko su wane ne. Ya bi da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ya sake bi. Sai ya tashi zaune ya yi dariya.

Ya ce, "Kai, madalla da 'yata! Ai wannan albishir kika kawo mini. Uwar yara, zo ki gani. Ga inda nake, sha biyar zuwa sha tara, inda aka fi faɗuwa, mutum sha huɗu. Saura mini wata huɗu in fita daga cikinsa lafiya lau. Gaba kuma biyar ne kawai, gaba da shi biyu. Na riga na haye wurin mai zurfin."

Yarinya ta ce, "Baba, ba haka ake duba shi ba."

"To koya mini, Malama."

Ta durƙusa kusa da shi. Ta ce, "Dubi layin ƙarshe. Kafin a kai shekara ashirin, talatin da uku sun riga sun kamu. Cire su daga arba'in, saura bakwai. Bakwai ne kawai suka iso ƙofar ɗaki na biyar da lafiyarsu, kuma biyar daga cikinsu a nan suka tsaya. Biyun da suka wuce, ɗaki na gaba ya ɗauke su. A ɗakin da kake yanzu, mutum ashirin da ɗaya suka shiga, sha huɗu suka kamu, wato biyu cikin uku. Na gaba biyar cikin bakwai ne, Baba. Ya fi, bai ragu ba. Sandunan sun yi kaɗan ne don babu sauran mutane."

Na ce, "Abin da na faɗa mata ke nan tun jiya, tun ba ta rubuta layin ba."

Dogo ya daɗe yana kallon takardar. Na rantse a wannan lokacin ya fahimta, don ɗana ba daƙiƙi ba ne. Surukata ta ce a hankali, "Ƙanina ya ce har ƙarshen watan nan."

Sai ya ɗago ya ce, "Ina Baba a cikin nan?"

Yarinya ta ce, "Ba ya ciki, shi bai kamu ba."

"Yauwa. Ashe waɗanda suka kamu kawai kika ƙirga. In ka je asibiti ka ƙirga mutane ai kowa mara lafiya ne."

Ta ce, "Gaskiyarka, Baba. Na tambayi Tsoho ya kawo mini duk wanda ya zauna a rumfa bai kamu ba, shi kaɗai ya iya tunawa. To mu sa shi. Takwas ke nan a ƙofar ɗaki na biyar, biyar suka faɗi. Har yanzu ya fi rabi. Uku suka wuce, biyu suka faɗi. Ɗaya ya fita."

"Ɗaya ya fita," in ji Dogo. "To ni jinin wa ne? Jinin Kurma ne ni, ko na Sarkin Barci?" Ya juyo gare ni. "Baba, tun ina tsayin teburin nan nake jin kana cewa ƙura rago take kamawa. Ka faɗa a gaban abokaina, ka faɗa a gaban manaja ranar da ka kai ni. To yau ga matata ga 'yata. Ni rago ne?"



Ni ban taɓa rasa amsa ba a rayuwata. Amma dubi inda aka sa ni. In ce masa rago ne, a gaban iyalinsa? Ƙarya ne ma, Dogo yana ɗinke buhu da hannu ɗaya yana tarar wani da ɗayan. Bahago ma ba rago ba ne, kuma yana nan a ɗaki na biyu. Sai na faɗa masa gaskiyar da na sani, wadda ba a taɓa ƙaryata ni a kanta ba.

Na ce, "Kai ba rago ba ne. Amma ni daban ne. Irina ba a yi biyu ba, ko a cikin gidana. Ka tafi shagon."

Wallahi don ya rayu na faɗa. Amma na ga yadda maganar ta shige shi. Fuskarsa ta rufe kamar an ja ƙofar gareji. Ya ninke takardar a hankali, ya miƙa wa 'yarsa, ya ce, "Aikinki ya yi kyau, Allah ya yi miki albarka." Sannan ya dube ni ya ce, "To, Baba, za mu gani ko an yi biyu." Ya sa takalmi ya fita.

Surukata ta kwashe kwanuka, ko kallona ba ta yi ba. Jikata ta ce, "Tsoho, da ka yi shiru." Na ce an tambaye ni ne.

Litinin da safe na riga shi zuwa ƙofar gida. Ya turo kekensa, kwanon abinci ɗaure a baya, na kama kan keken da hannu biyu. Hannun nan nawa ya taɓa riƙe bel ɗin inji da ya tsinke. Na ce ba inda za shi. Bai yi mini tsawa ba, bai ture ni ba. Ya ce, "Baba, zan makara." Ya riƙa ɗaga yatsuna ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun yaro, ya gyara mini hula da ta karkace, ya hau ya tafi. Maƙwabta suna kallo, sai na yi kamar dama birki nake duba masa.

Na taka har bakin kasuwa wurin mai shagon famfo, na ce ya ƙara mana wata huɗu, yaro ya karɓi hularsa ya huce, sannan ya zo. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi, ya ce, "Baba, kaya suna ɓacewa a siton nan kullum. Ko sati huɗu ba zan iya ƙarawa ba." Da wata ya ƙare ya ɗauki wani ɗan unguwarsu.

Takardar kuwa ta je makaranta ta dawo. Tara cikin goma. Malam ya bi kowane layi da jan biro ya yi masa alamar daidai, rukunai daidai, sanduna daidai, jimla mai hawa daidai. Maki ɗayan ya cire ne don jikata ba ta rubuta wa jadawalin suna a samansa ba. Na ce, bai tambaye ki su wane ne ba? Ta ce takarda sittin yake dubawa, kuma shi lissafi kawai yake dubawa. Ban ga laifinsa ba. Ta sa takardar a ƙasan akwati, ba ta ƙara fito da ita ba. Tun daga ranar kuma in na ce Amarya, sai ta ce, "Na'am, Kaka," kamar wani baƙo.

An ba Dogo hularsa. Ya shigo da ita gida a ka, ƙannen yarinyar suna ta karɓa suna gwadawa tana rufe musu ido. Ta yi masa kyau, ba zan hana shi ba. Shugaban rumfa ba ofis gare shi ba, yana nan a cikin farar ƙurar nan daga safe har yamma, sai dai yanzu shi ke ihu a kan wasu.

Bai kai shekara da hular ba na fara ji. Da safe ne, yana wanka, banɗakin yana jikin bangon ɗakina. Sau biyu, gajere, busasshe. Surukata ta ce mura ce, ta dafa masa citta. Shi ma ya ce mura ce. Damina ta wuce, murar ba ta wuce ba. Ranar nan na bi shi a baya za mu hau benen asibiti gaida maƙwabcinmu tela da aka yi wa aiki, a tsakiyar matakala ya tsaya ya sunkuya yana taɓa igiyar takalminsa. Na tsaya a bayansa ina jira. Ni da na ba shi shekara talatin da wani abu, numfashina ko canjawa bai yi ba. Na so a ce ni ne na tsaya. Ban san wanda zan roƙa ya musanya mana ba.

Har yau yana zuwa aiki. Ya ce yanzu kam ina za shi, wa zai ɗauki mai tari ya riƙe masa sito. Ni kuma ina zaune a baranda, lafiyata ƙalau, ina cin abinci kwano biyu, haƙorana ma ba su zube ba. Mutane suna wucewa suna cewa, Ƙarfe, kai kam ka more. Ina amsawa, don gaskiya ne, babu wanda ya yi abin da na yi a rumfar nan.

Wanda yake ganin ƙari na yi a cikin wannan magana, gidan ba ɓoyayye ba ne, kuma ba na zuwa ko'ina. Ya zo da kunnensa. Ya ɗora shi a ƙirjina ya ji yadda iska ke shiga tana fita, in ja masa numfashi har sai shi ya gaji. Sannan ya jira Dogo ya dawo daga aiki, ya ɗora kunnen a bayansa. In ya ji abu ɗaya a wurin mu biyu, ya kira ni maƙaryaci a gaban jikokina, ni kuma in tashi in yi masa rawa a tsakiyar titi.